Yayansa Ko 'Ya'yansa? Sharhi Kan Kwafar Rubutun Hannu a Birnin Kudu da Gwaram

A Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran garuruwan masarautar Dutse, abubuwa da yawa masu nauyi da biro aka rubuta su. Takardar cinikin gona da aka yi a zauren dagaci, da wasiyyar da wani dattijo ya sa ɗansa ya rubuta, da littafin bashin ɗan kasuwa a Sara, da bayanan taron ƙungiyar manoma, da tatsuniyoyin da ɗalibi ya tattaro daga bakin tsofaffi don kundin kammala karatu, duk a takarda suke fara rayuwa. Ran da aka buƙaci a kai su kotu ko ofis ko gaban malamin jami'a, sai a nufi shagon buga takardu a miƙa wa mai kwamfuta, a ce masa, "Buga mini wannan kamar yadda yake." A tsakanin takardar da aka miƙa da wadda firinta ta fitar ake yin asarar da ba kowa ke lura da ita ba, wato asarar lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, da hamzar da ke gaban 'y.

An saba a ce laifin na'ura ne, ko kuma ganda ce ta mai bugawa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Mai kwafa yana da hanya biyu ta cin amanar takarda. Yana iya zubar da lanƙwasar da marubuci ya sa, yana kuma iya ɗora wadda marubuci bai sa ba, ya yanke hukunci a kan ma'anar da ba shi ke da ikon yankewa ba. Ta biyun ta fi haɗari, don kuwa takardar takan fito tsaf, ba wanda zai yi zargin an taɓa ta.

Takarda ɗaya, jumla huɗu

Ga misali da na tsara bisa salon takardun shaidar gona da ake rubutawa a ƙauyukanmu. Na bar shi yadda mutane da yawa ke rubutu, babu lanƙwasa ko ɗaya:

"Na shaida cewa marigayi ya bar wa yayansa gonar bakin dutse. Iyakarta daga gabas dorawa, daga yamma kirya. Fadinta kafa dari hudu. Kanwarsa ta kawo kara cewa ya bata rabin gonar, amma dagaci ya ki."

Duk Bahaushen da ya karanta wannan zai gyara mafi yawansa a ka tun kafin ya ankara. Itatuwan iyaka ɗorawa ce da ƙirya, babu wata bishiya da ake kira dorawa. Ba fada ake nufi ba, faɗin gona ake aunawa, kuma da ƙafa ake auna shi, ƙafa ɗari huɗu. Kanwa ba ta zuwa gaban dagaci, saboda haka ƙanwarsa ce. Abin da ta kawo ƙara ne, ba karan dawa ba, dagaci kuma ya ƙi. Wurare tara ke nan da jumlar da kanta ta nuna harafin da ya dace, ba tare da wata tababa ba.

Saura uku, kuma a kansu rigimar take. Na farko, bakin dutse ne, wato gefen dutse, ko baƙin dutse? A ƙasar Birnin Kudu, inda duwatsu suka kewaye gari har da irin su Dutsen Mesa mai tsoffin zane-zane, duka biyun suna iya zama sunan wuri, kuma suna iya zama gonaki biyu dabam. Na biyu, "ya bata rabin gonar": ya ba ta ne, wato kyauta, marubucin ya haɗe kalmomin kamar yadda aka saba, ko kuwa ya ɓata, misali ya haƙe ƙasar ya buga tubali? Ƙarar farko neman mallaka ce, ta biyu neman diyya. Na uku shi ne mafi girma. Yayansa mutum ɗaya ne, wansa. 'Ya'yansa kuwa su ne waɗanda ya haifa. A rabon gado na Musulunci ɗa namiji yana shamakance ɗan'uwa, saboda haka waɗannan 'yan ɗigogi biyu na sama su ne tsakanin wanda zai ci gona da wanda zai koma gida hannu rabbana.

A nan mai kwafa ba shi da abin da zai dogara da shi sai zato. Idan ya buga 'ya'yansa don ya ga ya fi kama da hankali, ya zama alƙali ba a naɗa shi ba. Abin da ya kamace shi shi ne ya buga kalmar yadda ya gan ta, ya yi mata alama, ya rubuta a ƙasan shafi cewa asalin takardar ba ta da hamza a nan kuma kalmar na ɗaukar karatu biyu. Warware ta aikin shaidu ne, da mai unguwa, da waɗanda suka san gidan.

Dalilin da ya sa tsoffin takardu ba su yi kama da juna ba

Kafin a zargi marubuci da sakaci, yana da kyau a san cewa rubutun boko bai zo da lanƙwasa tun farko ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, kuma a wancan zamani ana bambanta waɗannan sautuka ne ko dai da ɗigo a ƙarƙashin harafi, ko da hamza a gefensa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma da hamza yake rubuta 'b da 'd. A cikin shekarun 1930 ne, zamanin Rupert East a hukumar talifi ta Zariya, aka koma ga baƙaƙe masu lanƙwasa, sannan littattafan Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, suka yaɗa su. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ƙara tabbatar da su. Duk da tarurrukan daidaita rubutu da aka yi a Bamako a 1966 da Yamai a 1980, har yau Nijeriya ta fi rubuta 'y, Nijar kuma ƴ.

Ga mai kwafa wannan tarihi yana da amfani na kai tsaye. Zai iya cin karo da takardar da aka ɗiga wa k ɗigo a ƙasa, ya ɗauka tawada ce ta ɗiga. Zai iya ganin k'asa da d'aya da b'arawo, salon da ya daɗe a hannun masu tafireta kuma ya sake yaɗuwa da zuwan wayar hannu. Zai iya samun takardar tafireta wadda akawu ya bi da biro yana lanƙwasa kawunan haruffa bayan ya gama bugawa, ya yi wa shafin farko da kyau, ya gaji a na uku. Waɗannan duka lanƙwasa ce a cikin wata riga, kuma marubucin ya riga ya faɗi abin da yake nufi. Mai kwafa na da damar mayar da su ɓ da ɗ da ƙ, muddin ya ambata a farkon aikinsa cewa haka ya yi.

Sai kuma sunayen da ofis ya riga ya aske. Allon kan hanya yana cewa Hadejia da Babura, alhali masu garin Haɗeja da Ɓaɓura suke faɗi. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, duniya ta san shi da Dangote. Gwamnan farar hula na farko a Jigawa, Ali Sa'ad Birnin Kudu, hamzar sunansa takan ɓace a takardu da dama. Idan takardar da ake kwafa ta shari'a ce ko ta banki, sunan mutum a bar shi yadda yake a rubuce, domin da shi za a gwada da katin shaidarsa. Idan kuwa littafin karatu ake shiryawa, a rubuta shi yadda Hausa ta tanada.

Karanta hannun marubuci kafin a taɓa kibod

Kowane hannu da ɗabi'arsa. Abin da ya kamata a fara sani shi ne inda lanƙwasa take zama. A ƙananan haruffa ɓ da ɗ da ƙ, kan sandar ne ke karkata zuwa dama. A manyan Ɓ da Ɗ, ƙugiyar tana hagu, a saman sandar. A babban Ƙ kuwa tana kan reshen sama na dama. Wannan ya isa ya raba gardama ɗaya da ake yawan yi: waɗanda suka koyi rubutu a tsohuwar elementare sukan rubuta d wadda kanta ke komawa baya zuwa hagu. Wannan d ce zalla, ado ne na hannu. Wadda ta karkata dama ita ce abar dubawa.

Matsala ta biyu ita ce rubutun haɗe. Mai haɗa haruffa yakan yi wa b da k zobe a sama, kuma idan zoben bai rufe ba sai ya yi kama da ƙugiya. Maganin wannan yana cikin shafin kansa: a dubi l da h na marubucin. Su dai ba su da 'yan'uwa masu lanƙwasa a Hausa. Idan su ma suna ɗauke da irin wannan zobe, to, hannunsa ne haka, ba ƙ ko ɓ yake nufi ba.

Daga nan sai a yi masa awo da kalmomin da babu shakka a kansu. A nemo waɗanda ba sa taɓa ɗaukar lanƙwasa, irin su kuma, daga, babu, duk. A nemo kuma waɗanda dole su ɗauke ta, irin su ɗaya, huɗu, kuɗi, waɗanda, ƙauye, karɓa. A jera biyar-biyar a takarda dabam, a kwatanta. Idan d ɗin daga da ta ɗaya sun bambanta a hannunsa, marubuci ne mai sa lanƙwasa, kuma rashinta a wata kalma hujja ce mai ƙarfi. Idan iri ɗaya suke, ba ya sa ta ke nan, kuma rashinta bai nuna komai ba. Awon sai an yi wa kowane harafi nasa, domin akwai masu kiyaye ƙ da ɗ amma su manta da ɓ, akwai kuma da yawa da ke lanƙwasa ukun duka amma ba su taɓa sa hamza a gaban y ba. A takardar gonar da muka gani, da a ce marubucin ya rubuta ƙafa da ɗari da huɗu daidai, wannan bai isa ya tabbatar da cewa yayansa wansa yake nufi ba. Sai an ga yadda ya rubuta 'yar ko 'yan a wani wuri cikin takardar.

Ita ma takardar tana yaudara. A littafin rubutu mai layi, kan dogon harafi yakan taɓa layin sama, lanƙwasar ta nutse a cikinsa. Wutsiyar g ko y daga layin sama takan sauko ta zauna a kan d ko k, ta haifar da ƙugiyar ƙarya. Biro yakan tsallake a daidai inda hannu ya yi sauƙi, kuma ƙarshen lanƙwasa nan ne hannu ya fi sauƙi. Fotokwafi kuwa siririn zane take fara cinyewa, musamman idan kwafin kwafi ne. Saboda haka a nemi asalin takardar. Idan biro ya tsallake, sau da yawa sawun matsinsa yana nan, ana ganinsa in an karkata takardar ga hasken taga, ko an shafa bayanta da yatsa. Idan dole sai hoto, a ɗauke shi da rana a inuwa, takarda a shimfiɗe, a kuma tura shi a matsayin fayil, domin manhajojin hira suna rage ingancin hoto idan an tura shi yadda aka saba.

Mai gyara ya fi mai ɓarna

Akwai kuskuren da ya fi kama masu ilimi, wato yayyafa lanƙwasa inda babu ita. Wanda ya fara jin daɗin samun ƙ a kibod sai ka ga ya buga ɗaƙi da ɗauƙa da tsaƙiya. Hausa tana da wata ɗabi'a da ke taimakawa a nan: da wuya saiwar kalma ta asalin Hausa ta haɗa baƙaƙe biyu mabambanta daga cikin ɓ, ɗ, ƙ, ts da 'y. Shi ya sa ake cewa ɗaki, ɗauka, ɗinki, tsaki, tsoka, duk da k zalla. Iri ɗaya dai yana maimaituwa, kamar ƙoƙari da ƙaiƙayi da ɓaɓɓake, kuma idan baƙin ya ninku, duka biyun ake lanƙwasawa: haƙƙi, ɗaɗɗaure. Kalmomin aro daga Larabci ba su bin wannan, ga ɗariƙa nan ta haɗa ɗ da ƙ. Don haka ishara ce mai sa a dakata a duba ƙamus, ba doka ce da za a rufe ido a bi ba. Ƙamus ɗin Abraham na 1949 da ƙamus na Hausa zalla da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar duk suna raba wannan gardama.

A yankin Gwaram da Birnin Kudu akwai ƙarin abin lura, domin Hausa na zaune da Fulatanci, ga kuma Warjawa a wajen iyakar Bauchi. Fulatanci yana da ɓ da ɗ da ƴ, har da ŋ, amma ba shi da ƙ. Sunan ruga ko na saniya ko laƙabin mutum da ya fito daga Fulatanci ba a auna shi da ma'aunin Hausa. A tambayi mai harshen. Haka nan idan dattijo ya rubuta kalma yadda ake furta ta a garinsu, ba aikin mai kwafa ba ne ya mayar da ita Hausar Kano a ɓoye. Ga ɗalibin da ke nazarin karin harshe, wannan bambancin shi ne abin da ya je nema.

Mafita ita ce a san tun farko wane irin kwafi ake so. Akwai kwafin amana, wanda ke bin takarda harafi da harafi, da kurakuranta da komai, shi ne na kotu da na masu binciken tarihi. Akwai kwafin karatu, wanda ake daidaita shi bisa ƙa'idojin rubutu don jama'a su karanta. A takarda mai muhimmanci a yi duka biyun, a ajiye su tare da hoton asali. Abin da ke kawo fitina shi ne a yi kwafin karatu a miƙa shi da sunan kwafin amana.

Inda kwamfuta ke cinye abin da ido ya tsirar

Ko an karanta daidai, da sauran rina a kaba. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san waɗannan haruffa ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon haruffa masu lanƙwasa, wasu ma suka yi nasu, kuma sun yi wa maɗaba'un Kano da Zariya da Kaduna babban aiki. Dabarar irin waɗannan tsoffin salo ita ce a ari gurbin wani harafi a zana masa sabuwar fuska. A wasu, q ce ke fitowa ƙ, x ta fito ɗ, v ta fito ɓ. A wasu kuma alamomin baka-biyu aka ara. Muddin salon yana cikin kwamfutar, takarda za ta fito da kyau. Da zarar an kai fayil ɗin wata kwamfuta, sai a ga `qasa` da `xaya` da `vera`, ko `}asa` da `]aya` da `ta~a`. Har yanzu akwai shagunan da ke aiki da su. Gwajin mai sauƙi ne: a zaɓi rubutun duka a canza shi zuwa `Arial`. Idan ƙ ta tsaya ƙ, harafin na gaske ne. Idan ta rikiɗe, na aro ne.

Haruffan gaske suna da lambobinsu a tsarin `Unicode`, waɗanda kowace na'ura ta zamani ta sani:

```
ɓ 0253   Ɓ 0181
ɗ 0257   Ɗ 018A
ƙ 0199   Ƙ 0198
ƴ 01B4   Ƴ 01B3
```

Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara kibod na Hausa a `Windows`, ko a sa `Keyman`, a waya kuma a zaɓi Hausa a `Gboard`. Wanda ba shi da su, a cikin `Word` yana iya buga lambar ya danna `Alt+X`. Sai dai akwai tarko. Idan harafin da ya gabaci lambar yana tsakanin a da f, manhajar takan haɗa shi da lambar. Mai son rubuta faɗa ya buga `fa0257`, sai abin ya ƙi. A sa `U+` a gaba, a buga `faU+0257`, sannan a danna. A kuma guji tsintar harafi da ido daga akwatin `Symbol`, domin akwai masu kama da namu waɗanda ba namu ba: đ mai sanda a gicciye ta mutanen Biyetnam da Kuroshiya ce, ɖ mai wutsiya a ƙasa kuma ta harshen Ewe ce a Gana da Togo. A takarda ba lallai a lura ba, amma wanda ya nemi kalmar kuɗi a fayil ɗin ba zai same ta ba.

Hamza ta fi kowanne wahala, domin alamomi huɗu ne ke kama da juna: miƙaƙƙiya ta kibod `'`, da mai buɗe zance `‘`, da mai rufe zance `’`, da kuma `ʼ` mai lamba `02BC`, wadda ita kwamfuta ke lissafa ta a matsayin harafi. `Word` yana da al'adar juya hamzar farkon kalma zuwa mai buɗe zance, sai 'ya'ya ta fito da alamomi biyu masu kallon juna. A zaɓi guda ɗaya a tsaya a kanta daga farko har ƙarshe. `Excel` kuwa nasa ya fi muni. Idan aka fara gurbi da miƙaƙƙiyar hamza, yakan ɗauke ta a matsayin umarni, ya ɓoye ta. Akawun da ke shigar da jerin sunaye ya buga 'Yankwashi, sai Yankwashi ta bayyana, ya buga 'yar wane, sai yar wane. A irin wannan wuri a buga hamzar sau biyu, ko a yi amfani da `02BC`.

Mataki na ƙarshe shi ne adanawa. A adana da `UTF-8`, a `Excel` kuma a zaɓi `CSV UTF-8`. Idan aka buɗe fayil aka ga `Æ™` a gurbin ƙ, da `É—` a gurbin ɗ, da `É“` a gurbin ɓ, kada a firgita, kada kuma a sake adanawa a haka. Haruffan suna nan, karatun ne aka yi da tsarin da bai dace ba, kuma sake buɗewa da `UTF-8` yakan dawo da su. Amma idan alamar tambaya aka gani, `?asa` da `ku?i`, an riga an adana da tsohon tsarin da bai san su ba, kuma sun tafi. Sai dai a koma ga takardar hannu.

Bita

Mai bugawa ba ya iya kama kurakuransa shi kaɗai, domin idonsa na karanta abin da ya san ya kamata ya kasance. Bitar da ke aiki ta mutum biyu ce: ɗaya ya riƙe asali yana karantawa da ƙarfi, yana furta abin da ke rubuce ko da ya saɓa wa hankali, ɗaya yana bin abin da aka buga da yatsa. Bahaushe ba ya rikita kafa da ƙafa a kunne, saboda haka kunne ke kama abin da ido ya tsallake. Bayan haka a yi amfani da `Ctrl+F` a bi kalmomin da suka fi jawo rigima ɗaya bayan ɗaya: baki, kasa, kara, kare, fada, bata, bari, daidai, yaya. Kowacce aka samu a koma ga takarda a tabbatar. Kada a kuskura a ce wa kwamfuta ta canza duk kasa zuwa ƙasa a lokaci guda, domin wanda ya kasa biyan bashi zai koma ya ƙasa biya. A ƙarshe a fitar da shafi ɗaya a firinta a duba da ido, don wani salon haruffan ba shi da ƙ, sai ya bar ɗan akwati a gurbinta.

Takarda mai shafi ɗaya ba ta cin fiye da 'yan mintoci a wannan bita. Ga masu kai aiki shago a Birnin Kudu da Gwaram, ku zauna a karanta muku abin da aka buga kafin ku biya, kuma kada ku yar da takardar hannu don kun sami mai tsabta, domin ita ce hujja. Ga masu bugawa kuma, inda kalma ta ɗauki karatu biyu, ku bar ta yadda marubuci ya bar ta, ku yi mata alama, ku gaya wa mai takarda ya je ya tambayi waɗanda aka yi abin a gabansu.